Talatin da Uku a Minti Ɗaya

Na shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar takardar bugun zuciyar mutane a wani asibiti a nan Yamai kafin in taɓa riƙe wuyan hannun mahaifina in ƙirga nasa. Da kunya nake faɗar wannan. Kullum sai in kwantar da iyayen wasu a kan gado, in liƙa musu wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, in danna inji ya fito da takarda mai ruwan hoda, har in yi musu faɗa don ba su zo da wuri ba. Shi kuwa nawa uban yana can Gamkalley a gaban keken ɗinkinsa, kuma ko ranar ma ba ni na gano matsalar ba. Shi ya gano ta da kansa, ya kawo mini ita yana murna.

Baba tela ne, Bagobiri, ya baro ƙasar Maradi tun yana saurayi ya zo Yamai da almakashi ɗaya da baki mai kaifi. Ban da ɗinki, shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, in kuma yana son ya tsokane ni sai ya ce Madam Manjo, yadda ake kiran ma'aikatan jinya a nan.

Wata Asabar ce na biya Petit Marché na sayo wa Inna nama da tattasai, na isa gidan bayan la'asar. Na tarar da shi zaune a tabarma, carbi a hannun dama, agogon bango ya sauko da shi ya jingine a gabansa, fuskar nan sai sheƙi take yi.

"Uwata, taho ki ga ikon Allah," in ji shi. "Ku da kunka yi karatun lakkol, mi kunka sani game da wanga?"

Ya ɗora yatsun hagu a gefen wuyansa, ya jira tsinken agogo ya hau sha biyu, ya fara jan carbi, ƙwaya ɗaya ga kowane bugu. Ina tsaye da ledar nama a hannu ina kallo. Jan ya yi mini nisa tsakani, har nakan ɗauka ya manta, sai in ji ƙwas. Tsinke ya zagayo ya dawo sha biyu daidai lokacin da yatsansa ya isa marabar carbin.

"Talatin da uku cur!" Ya ɗaga kai yana dariya. "Kwana huɗu ke nan ina gwadawa. Zuciyata ta koma tasbihi da kanta. Na hwaɗa ma liman, ya ce in gode ma Allah in yi shiru, amma ke ai uwata ce."

Ban san lokacin da na saki ledar ba. Na durƙusa na kama hannunsa, na ƙirga da agogona. Talatin da huɗu na samu, bugu mai nauyi, mai jinkiri, hannun kuma sanyi ƙalau a cikin zafin nan na Yamai. Zuciyar babban mutum a zaune tana bugawa tsakanin sittin da ɗari. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji a wurin aiki ba, kuma tsoro a wurina fushi yake zama.

"Inna!" Na ƙwala kira. "Mutumin nan ya taɓa faɗuwa?"

Inna ta leƙo daga madafa, ta dubi mijinta, ta dube ni. Shi yana ta yi mata alama da ido, ita kuwa ta kawar da kai. Ta ce sau biyu. Na farko yana tsaye yana yankan shadda sai ya zube, kafin ta ɗebo ruwa ya farfaɗo ya ce zafi ne. Na biyu a ƙofar masallaci, ya ce santsi ne, alhali rabon garin da ruwan sama wata biyar. Ya hana ta gaya mini, wai kada a tayar wa yarinya hankali a wurin aikinta.

Na tsayar da taksi. Baba ya shiga don ya ga idona ya yi ja, ba don ya yarda ba. Duk hanya yana gaya wa direba cewa ɗiyarsa za ta kai shi likita saboda ya cika lafiya.

Ni na liƙa masa wayoyin da hannuna. Da takardar ta fara fitowa ban buƙaci kowa ya karanta mini ba, amma na kira likitanmu na zuciya, wanda Allah ya sa yana ciki ranar. Bazabarme ne, dogo, mai sanyin magana, Hausarsa da ɗan karkace. Kowa a ƙasar nan ya san wasan taubasantakar da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme. Yana shigowa ya ga zanen fuskar Baba, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Wa ya kawo mini bawana nan?"

Baba, da wayoyi a ƙirji, ya yunƙura zai tashi. "Uwata, duk garin ga ba a samu likita ba sai ɗan bawan gidanmu? Wanga ai kwaɗon kopto kaɗai ya sani."

Suka yi ta yi, ni ina tsaye kamar in fashe. Sai daga baya na gane cewa wasan nan ne ya ba likitan damar faɗa wa tsoho gaskiya tsirararta ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Ya duba takardar, ya sa aka ɗebi jini, ya tambayi ko Baba yana shan wani magani na asibiti ko na gargajiya, don akwai magungunan da ke rage bugun zuciya. Babu. Sakamakon jini ma ya fito lafiya. Sai ya ja kujera ya zauna.

Ya ce masa hanyar da saƙon bugu yake bi daga saman zuciya zuwa ƙasanta ta toshe, tsufa ne ya cinye ta. Ya ce faɗuwar nan biyu zuciya ce ta ɗan tsaya, jini bai kai kai ba, kuma wata rana tana iya tsayawa ta ƙi tashi. Maganinta ƙaramar na'ura ce mai pil, wato batir, wadda ba ta kai faɗin kwalin ashana ba, a sa ta ƙarƙashin fata a saman ƙirji ta hagu, da siraran wayoyi biyu da za su bi jijiya su shiga zuciya. Ba a ma sa mutum barci, wurin kawai ake kashewa.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "A'a."

Babu wasa a muryarsa ko kaɗan. Ya ce ƙafa in ta karye a sa mata ƙarfe, ido in ya dushe a sa masa gilashi, duk ya yarda. Amma zuciya ita ce wurin niyya. Shekara saba'in da wani abu tana tashi da izinin wanda ya halicce ta, ba zai yarda a ƙarshen rayuwarsa pil ɗin rediyo ya riƙa ce mata tashi ba. In ta gaji ta tsaya, to, ta tsaya da mutuncinta.

Likitan ya samu dai ya shawo kansa ya kwana a asibiti, a ɗakin da ake sa ido a kan masu ciwon zuciya. Da muka fito ya ce mini, "Ba zan yi masa dole ba, kin sani. Amma kada ki bari ya koma gida haka." Na ce to. Na shiga ɗakin ajiye kaya na rufe ƙofa na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito.

Washegari da hantsi na zo da shirin yaƙi. Na yi masa bayani irin na makaranta, har da zane a bayan takardar magani. Na yi lallashi, na yi fushi, na ambaci jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in sun girma a gaya musu kakansu ya mutu da zuciyarsa ta asali. Inna tana gefe da kwanon fura, ta ce, "Ƙyale shi, ai kin san halinsa. Tun da nike da shi bai taɓa yarda da abin da bai auna da hannunshi ba. Ko yadi aka ce mishi metir biyar ne sai ya auna."

Ta faɗa ne don haushi, ni kuwa maganar ta zauna mini. Na dubi wuyan Baba. Metir ɗinsa na awo yana nan rataye, shi ya zo da shi asibiti kamar yadda wasu ke zuwa da laya. Na fita na turo injin.

Na ɗauki tasa takardar, na bar ta ta yi tsawo fiye da yadda muka saba, har ta kusa kamu uku. Sannan na cire wayoyin, na roƙi abokiyar aikina ta liƙa mini su a bayan labule, ta ɗauki tawa. Na shimfiɗa takardun biyu a kan gadonsa, tawa a sama, tasa a ƙasa.

"Baba, ba zan ƙara ce maka komai ba. Ga yadi biyu. Auna."

Ya harare ni, amma hannunsa ya riga ya kai ga metir. Ya sa tabarau. Na nuna masa abu biyu kawai a kan tawa: wani ɗan tudu ƙarami, da wani dogon tsini da ke bin bayansa. Na ce takardar tana tafiya da gudu ɗaya ba ta canzawa, saboda haka tazara a kanta lokaci ne.

Ya auna daga tudu zuwa tsini, ya matsa gaba ya sake aunawa, ya sake. "Wanga ɗinki mai kyau ne," in ji shi. "Kowane ƙarami da babbanshi a baya, tazara guda, ba ta kai rabin santi ba. Mi ne ne ƙaramin?"

Abin da na daɗe ina jira ke nan, ya tambaya da kansa. Na ce masa zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama, can kusa da inda babbar jijiya ke shigo da jini, akwai wani ɗan ƙulli na tsoka da bai wuce ƙwayar shinkafa doguwa ba, mu muna ce masa sinus. Ba wanda ke taɓa shi. Gishirin da ke cikin ruwan jiki ne ke tsiyaya cikin ƙwayoyinsa a hankali, kuran, wato lantarki, yana taruwa, in ya kai iyaka sai ya tashi, ya huce, ya sake farawa. Tun mutum yana cikin uwarsa yake wannan aiki. Kuran ɗin ya bazu cikin ɗakunan sama biyu, su matse su tura jini ƙasa. Wannan bazuwar ce injin ke zanawa ɗan tudu.

"Ba ƙwaƙwalwa ka ba shi umarni ba?"

Na ce ƙwaƙwalwa tana iya ce masa yi sauri in mutum yana gudu, ko sassauta in yana hutawa, amma farawar tasa ce.

Ya gyaɗa kai, abin ya yi masa daɗi. "To tazarar ga ta tsakani hwa? Don mi babban ba ya tahowa nan take?"

Na ce tsakanin sama da ƙasa akwai shinge da kuran ba ya ratsawa, ƙofa ɗaya tak gare shi, wani ƙulli na biyu a tsakiyar zuciya. Shi wannan da gangan yake riƙe saƙon ɗan lokaci, ƙasa da ƙiftawar ido, don ɗakunan ƙasa su gama cika da jini. Sannan ya sake shi ya bi wata igiya da ta gangara cikin bangon tsakiya, ta rabu biyu, reshe ɗaya dama ɗaya hagu, kowane ya watsu siriri-siriri cikin naman ɗakunan ƙasa. A nan saƙon gudu yake yi sosai, don ɗakunan su matse gaba ɗaya, daga gindi zuwa sama, su watsa jini zuwa huhu da sauran jiki. Shi ne dogon tsinin, kuma shi ne bugun da yatsa ke ji a wuya. Tudun da ke biye da tsinin kuwa ɗakunan ƙasa ne ke sake shiri.

Ya ture tawa gefe, ya jawo tasa.

Tsinayensa ya fara aunawa, masu faɗi, marasa kyan gani. Santi huɗu da rabi tsakanin kowane biyu. Ya tsuke baki. Sannan ya shiga neman ƙananan. Ya sami ɗaya, ya sami na biyu, ya auna: santi biyu. Ya ɗora metir daga na biyu ya ƙirga santi biyu, ga na uku. Ya ciro ɗan guntun allin tela daga aljihu ya fara yi musu alama. A wani wuri ya auna santi biyu bai ga komai ba sai tsini.

"Nan ya ɓace."

"Duba da kyau, Baba."

Ya kusanto da takardar har tana taɓa hancinsa. Sai ya yi wata 'yar ƙara. Tudun yana nan, ya hau kan ƙafar tsinin ya ɓuya, ya ɗan kumbura shi. Daga nan ban sake sa masa baki ba. Ya bi takardar nan tun daga farkonta har ƙarshe, yana ja tana zuba a ƙasa, alli yana bin metir, Inna ta matso ta riƙe masa gefe ɗaya kamar yadda take riƙe masa yadi a gida. Ba tudu ɗaya da ya yi latti, ba ɗaya da ya yi gaggawa.

"Wanga ƙaramin bai yi kuskure ba ko sau guda," ya ce a hankali. "Nawa yake yi a minti?"

"Saba'in da biyar."

"Saba'in da biyar! To talatin da ukun nan na wane ne?"

Na ce na ɗakunan ƙasa ne. Da saƙo ya daina iso musu, sai wasu ƙwayoyi a cikinsu suka fara tashi da kansu don kada mutum ya mutu. Allah ya yi su da wannan dabara, amma su 'yan riƙon ƙwarya ne, jinkiri gare su, kuma ba su da tabbas. Ranar da suka yi shiru na ɗan lokaci, ranar ce ya zube a kan shadda.

Baba ya cire tabarau ya jingina da filo. Ya daɗe yana kallon silin. Ni dai zuciyata tana ta dukan ƙirji, na tabbata da an ɗauki takardata a lokacin da tazarar ba ta kai santi biyu ba.

"Wata Juma'a," in ji shi, "kuran ya ɗauke muna cikin raka'a ta biyu. Lasifika ta mutu. Liman yana ciki yana sallarshi daidai, bai rage komi ba. Mutanen waje, sahu wajen goma a kan titi, ba su jin shi. Sunka yi tsaye, sunka yi tsaye, can wani ya gaji ya yi kabbara da kanshi, waɗansu sunka bi shi. Liman na sujada, su suna ruku'u. Da ni da muryata ta da, da na tsaya bakin ƙofa na kai musu." Ya juyo ya dube ni. "Ashe limamina lahiya lau yake. Ladan ne ya mutu."

Na gyaɗa kai.

"Ni kau ina ta yabon mutanen waje, ina ce musu waliyyai." Ya fashe da dariya har da tari, Inna ta ce wallahi ita ba ta ga abin dariya ba, alhali tana yi. "Kira mini bawan nan nawa."

Likitan ya zo ya tarar da takarda shimfiɗe har ƙasa, duk ta sha alli. Ya ɗaga ta ya duba, ya dube ni, ya ce rabonsa da ganin an bi takarda haka tun yana makaranta. Baba bai bar shi ya zauna ba.

"Pil ɗin nan naka, liman ne ko ladan?"

Na fassara masa abin da ake nufi. Likitan ya ajiye wasa, ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce waya ɗaya za ta zauna a ɗakin sama na dama, aikinta sauraro. In ta ji ƙullin Baba ya tashi, na'urar za ta jira ɗan lokacin nan da ƙulli na biyu ya saba jira, in saƙo bai wuce da kansa ba, sai ta aika shi ta waya ta biyu zuwa ɗakin ƙasa. In Baba ya hau tudu ƙullinsa ya ƙara sauri, ita ma ta bi shi. In ya kwanta ya sassauta, ta sassauta.

"In kuma nawa ya yi shiru hwa?"

Na so likitan ya ce hakan ba zai faru ba, a wuce wurin. Har na yi masa ido. Bai kula ni ba.

"In ya yi jinkiri ƙwarai, ko ya yi shiru, to na'urar za ta tayar da bugun da kanta har ya dawo. Ba zan ɓoye maka ba. Amma yadda na ga naka, da wuya ya ba ta wannan aiki."

Na ce shi ke nan, ya ɓata mini komai. Baba ya shiga murza metir a yatsa. Can ya ce, "In liman ya samu uzuri cikin salla, ai na bayanshi ka matsawa gaba shi ƙarasa ma mutane. Ba a watsewa." Ya miƙa wa likitan hannu. "Da ka yi mini ƙarya da na gane, don Bazabarme bai iya ta ba. Na yarda. Amma ɗinkin fatar nan, in ka yi mini shi a karkace, sai ka warware ka sake."

Ban iya tsayawa a ɗakin ba. Na fita baranda na rungume wata mata mai shara da ban ma san ta sosai ba, ita kuma baiwar Allah ta rungume ni tana ce mini barka, ba ta san ko na mene ne ba.

Ranar Talata da safe aka yi aikin. Ban shiga ba, likitan ya ce 'ya ba ta tsayawa a kan ubanta, kuma ya yi gaskiya. Abokan aikina sun ba ni labari cewa Baba bai rufe baki ba tun daga farko har ƙarshe, yana ƙarƙashin zanen aiki yana tambayar wane irin zare ake amfani da shi. Bayan awa ɗaya da wani abu aka turo shi. Na dubi allon da ke saman gadonsa: ɗan tudu, ɗan jira, wani siririn layi na na'urar, sai tsini. Ɗan tudu, ɗan jira, layi, tsini. Saba'in da takwas. Na kama ƙafarsa na ji ta da ɗumi.

Aka sallame shi da sharuɗɗa. Kada ya ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa har makonni su wuce, don wayoyin su kama wurinsu. Kada ya sa salula a aljihun gaba na hagu. Ya riƙa zuwa ana duba pil ɗin, wanda zai yi shekaru kafin a canza shi. Sharaɗin hannun ne ya fi damunsa, don ladan da hannu ɗaya a kunne, a cewarsa, kamar mai sauraron rediyo ne. Da ya ga ɗinkin a madubi kuwa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ba laifi, za a iya ɗaukar likitan koyon ɗinki.

Bayan kamar kwana goma na tashi daga aiki da rana na biya Gamkalley in duba ciwon. Tun daga bakin lungu na ji hayaniya, na ƙara sauri. Da na kai ƙofar gida sai na gane muryoyin. Baba ne da Inna. Wai ta ɗauki almakashinsa na yadi ta yanka igiyar shanya. Yana cewa shekara arba'in yana gaya mata almakashin nan ba na igiya ba ne, tana cewa shekara arba'in tana gaya masa ya sayo mata nata. Ya ce a Gobir mace ba ta taɓa kayan aikin mijinta, ta ce to ya koma Gobir ɗin. Muryarsa har tsakar gidan maƙwabta.

Na tsaya a zaure ban shiga ba. Sai a lokacin na lura cewa na fi shekara ban ji su suna wannan faɗan ba. Da faɗan nan na tashi, shi ne karin kumallonmu, shi ne abincin rana, kuma ya ɗauke a hankali har ban san ranar da ya ɗauke ba. Ina zuwa ina tarar da gida tsit, Baba a zaune yana murmushi, ina cewa tsufa ya sa masa haƙuri. Ashe ƙarfin faɗan ne ba shi da shi.

Inna ta fito za ta zubar da ruwa ta gan ni jingine da bango, hawaye har haɓa. Ta ajiye kwanon. Ita ma idonta ya cika, amma bakinta yana dariya.

"Tun da safe yake yi," ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "Da gangan na ɗauki almakashin."